Yadda ake zaɓar tout, toute, tous da toutes a rubutun Faransanci, mataki-mataki

Daga ɗaliban da ke shirin jarabawar BEPC a Damagaram da Maraɗi, har zuwa 'yan kasuwar Kano da Katsina da ke koyon Faransanci don hulɗa da Yamai da Kwatano, tambaya guda ce take ta maimaituwa a kan wannan kalma: yaushe ake rubuta *tout*, yaushe ake ƙara mata *e*, yaushe ake sa *s*? Abin da ke sa ta wahala shi ne kunne ba ya taimako sosai. *Tout* da *tous* sau da yawa furucinsu ɗaya ne, wato "tu". *Toute* da *toutes* ma furucinsu ɗaya ne, wato "tut". Saboda haka wanda ya dogara da abin da ya ji daga bakin malami a lokacin dikte, wato shifta, canke kawai yake yi.

Hanyar da zan shimfiɗa a nan mai sauƙi ce: ka ɗauke idonka daga kan kalmar kanta, ka dubi abin da ya biyo bayanta. Shi ne zai gaya maka aikin da take yi a jimlar, aikin kuma shi ne zai ba ka siffar da za ka rubuta. Amma dole a bi tambayoyin bi da bi, domin wanda ya fara da tambaya ta uku kafin ta farko yakan ruɗe.

Kayan aiki

Ba a buƙatar kashe kuɗi mai yawa. Littafin rubutu guda, biro mai launi biyu don ja layi da zana kibiya, da ƙamus na Faransanci wanda yake nuna jinsin kowane suna. A yawancin ƙamus za ka ga *n.m.* bayan suna namiji, *n.f.* bayan suna tamace. Ƙamus na cikin waya ma ya isa, muddin yana nuna wannan alama. Idan ƙamus ɗinka fassara kawai yake bayarwa ba ya faɗin jinsi, to ba zai yi maka wannan aiki ba, ka nemi wani.

Mataki na 1: Riƙe siffofi huɗun da furucinsu

*Tout* na namiji tilo ne, ana cewa "tu". *Toute* na mace tilo ne, ana cewa "tut". *Tous* na jam'in maza ne, ko jam'in da ya haɗa maza da mata. *Toutes* na jam'in mata ne zalla, ana cewa "tut".

Lura da rubutun *tous* da kyau: harafin *t* na ƙarshe ya faɗi, *s* ya maye gurbinsa. Kada ka rubuta *touts* a matsayin jam'in *tout* a gaban suna. Shi kuma *tous* furuci biyu gare shi, wani lokaci "tu", wani lokaci "tus". Wannan bambanci yana da amfani ƙwarai, zan dawo kansa a mataki na huɗu.

Gargaɗi ga mai jin Hausa: a harshenmu jam'i ba ya da jinsi. Muna cewa "dukkan maza", muna cewa "dukkan mata", muna cewa "sun zo" ga kowane rukuni. Faransanci kuwa yana riƙe da jinsi har cikin jam'i. Shi ya sa ɗalibi Bahaushe yakan mance da *toutes* gaba ɗaya, ya riƙa sa *tous* a ko'ina da zarar ya ga abu ya wuce ɗaya. Ka saba wa kanka da tambayar jinsi ko da a jam'i ne.

Mataki na 2: Duba ko suna ne ke biye da ita

Wannan ita ce tambaya ta farko, kuma ita ce ke warware mafi yawan jimlolin da za ka haɗu da su. Bayan gurbin da za ka cike, akwai ɗaya daga cikin ƙananan kalmomin da ke rakiyar suna? Ina nufin *le, la, l', les*, ko *ce, cet, cette, ces*, ko *mon, ma, mes* da 'yan uwansu, ko *un, une*. Idan akwai, to ka tsallake wannan ƙaramar kalma ka nemo sunan, ka ja masa layi, ka tambayi kanka abu biyu: namiji ne ko mace, tilo ne ko jam'i. Sai ka ba *tout* siffar da ta dace da shi.

*Tout le village*: dukan ƙauyen, namiji tilo.
*Toute la ville*: dukan birnin, mace tilo.
*Tous les marchés*: dukkan kasuwanni, jam'in maza.
*Toutes les maisons*: dukkan gidaje, jam'in mata.

A nan ne nake so a tsaya a yi nazari, domin nan ne aka fi zubar da maki. Jinsin da ake nufi na sunan Faransanci ne, ba na Hausa ba, kuma sau da yawa sukan saɓa. Kasuwa mace ce a wurinmu, amma *le marché* namiji ne. Gida namiji ne, amma *la maison* mace ce. Rana mace, *le jour* namiji. Dare namiji, *la nuit* mace. Ruwa namiji, *l'eau* mace. Wanda ya yi tunani da Hausa ya rubuta da Faransanci zai rubuta *tout la nuit*, alhali daidai shi ne *toute la nuit*.

Idan ƙaramar kalmar *le* ce ko *la*, ta riga ta tona asirin jinsin, aiki ya yi sauƙi. Matsalar tana inda ta ɓoye shi, kuma wurare uku ne.

Na farko, *l'*. Ba ta nuna komai. *Tout l'argent* ne, domin *argent* namiji ne. *Toute l'eau* ne, *toute l'année* ne, *toute l'école* ne, domin waɗannan mata ne. Dabarar ita ce ka gwada sunan da *un* ko *une*: *une année*, *une école*. Idan bakinka bai ba ka amsa ba, buɗe ƙamus.

Na biyu, *les, ces, mes, nos, vos, leurs*. Su ma jam'i kawai suke nunawa. Ka mayar da sunan tilo a zuciyarka: *les semaines* ya fito daga *la semaine*, saboda haka *toutes les semaines*. *Les mois* ya fito daga *le mois*, saboda haka *tous les mois*. Haka nan *notre*, *votre* da *leur* a tilo: *tout notre travail*, amma *toute notre vie*.

Na uku shi ne mafi yaudara: *mon, ton, son* a gaban suna tamace da ya fara da wasali. Faransanci yana cewa *mon enfance*, *son équipe*, ko da yake sunayen mata ne, don daɗin furuci kawai. Ɗalibi yana ganin *mon* sai ya ce namiji ne. A'a. *Toute mon enfance*, *toute son équipe*. Sunan ake bi, ba ɗan rakiyarsa ba.

Wani abin lura: kalmar *personne* mace ce ko da mutanen da ake magana a kansu duk maza ne. *Toutes les personnes présentes*. Amma *tous les gens*. Idan kuma suna ɗaya ne ga maza da mata, kamar *élève*, ma'ana ce ke yanke hukunci: ajin 'yan mata zalla *toutes les élèves*, ajin da aka gauraya *tous les élèves*, ko da namiji guda ne tak a ciki.

Mataki na 3: Rarrabe "dukan abu" da "kowane abu"

Har yanzu muna gaban suna, amma yanzu ma'ana muke bi. Tilo da jam'i ba abu ɗaya suke faɗa ba.

*Toute la journée* na nufin yini guda cur, daga safe har yamma. *Tous les jours* na nufin kullum. *Toute la nuit* dare guda ne sukutum, *toutes les nuits* kuwa kowane dare. Idan ka gaya wa maigidanka *j'ai travaillé toute la semaine*, ka ce ka yi aiki dukan makon nan. Idan ka ce *je travaille toutes les semaines*, ka ce ba makon da ba ka aiki.

Gargaɗi: *tout les jours* kuskure ne da ake yawan gani a saƙonnin waya, har daga hannun waɗanda suka tashi da harshen. Dalili shi ne a baki "tu le jur" ake ji, ko da *t* ko da *s*. Ƙa'idar ba ta da togiya: *tout* ba ya zama a gaban *les* da suna jam'i. Da zarar ka ga *les, ces, mes* da suna a bayansu, zaɓinka ya rage biyu, *tous* ko *toutes*.

Idan lamba ta shiga tsakani, ana maganar tazarar lokaci ce, kuma sunan da ke bayan lambar ake bi. A takardar magani za ka ga *toutes les six heures*, wato kowace awa shida, da *toutes* domin *heure* mace ce. *Tous les deux jours* na nufin yau a yi, gobe a huta. *Tous les quinze jours* a al'adar masu harshen na nufin kowane mako biyu, *tous les huit jours* kuma kowane mako. Idan ba suna bayan lambar, to mutane ko abubuwa ake nufi: *tous les deux*, su biyun duka, *toutes les deux* idan mata ne.

Akwai kuma inda *tout* ke manne da suna kai tsaye, ba *le* ba *la*. A nan daidai yake da "kowane" da "kowace" na Hausa, kuma yana bin jinsi kamar yadda su ma suke bi. *Tout élève doit porter la tenue*: kowane ɗalibi dole ya sa kayan makaranta. *Toute absence sera signalée*: kowane fashi za a kai rahotonsa. Irin wannan salo ya fi yawa a dokoki da sanarwar ofis, kuma aikatau yana zama a tilo.

Sai *tout le monde*. Ma'anarsa "kowa", kuma kamar yadda muke cewa "kowa ya zo" ba "kowa sun zo" ba, haka Faransanci yake cewa *tout le monde est venu*. *Monde* namiji tilo ne, don haka *tout* ne har abada, aikatau ma tilo. *Tous le monde* kuskure ne, *tout le monde sont* ma kuskure ne. Idan duniya baki ɗaya kake nufi, ka ce *le monde entier*.

Mataki na 4: Idan ba suna a bayanta, duba ko ita ce ta tsaya a madadin suna

To, ka duba ba ka ga suna ba. Tambaya ta biyu: kalmar tana wakiltar wasu mutane ne ko wasu abubuwa? Idan haka ne, wakilin suna ce, kuma hanya ta rabu biyu.

Idan ma'anar "komai" ce, ba tare da an ambaci takamaiman abubuwa ba, *tout* ake rubutawa, ba ya canzawa. *Tout va bien*: komai lafiya. *J'ai tout compris*: na gane komai. *Merci pour tout*: na gode da komai. *C'est tout*: shi ke nan.

Idan kuwa ma'anar "dukkansu" ce, ana nuni ga waɗanda aka riga aka ambata, to *tous* ne ga maza ko gauraye, *toutes* ga mata. *Les élèves sont tous partis*. *Mes sœurs sont toutes mariées*. Da biro mai launi ka zana kibiya daga gurbin zuwa sunan da ake wakilta, wanda galibi yakan zo kafin gurbin, ba bayansa ba. Inda kibiyar ta sauka, nan jinsin yake.

A nan ne furucin "tus" yake fitowa. Duk lokacin da *tous* ya tsaya da ƙafarsa a madadin suna, ana furta *s* ɗinsa: *ils sont tous là* ana cewa "il son tus la". *Bonjour à tous*, *merci à tous*, *nous tous*, *vous tous*, duk da "tus". Idan kuwa yana gaban suna, *s* ɗin shiru yake: *tous les hommes* "tu" ne. Wannan ne wuri guda da kunne ke yi maka aiki a dikte: in ka ji "tus", rubuta *tous* ba tare da wani dogon tunani ba.

A kula da mazaunin kalmar. Hausa tana kai "komai" ƙarshen jimla, "na ga komai", sai ɗalibi ya rubuta *j'ai vu tout*. Yadda aka saba faɗa shi ne *j'ai tout vu*, a tsakanin sassa biyu na aikatau. Haka *je les ai tous vus* da *je les ai toutes vues*. Haka kuma gaban aikatau da ba a sarrafa ba: *il veut tout savoir*.

Gargaɗi a kan tagwaye biyu masu kama: *tout ce que* da *tous ceux qui*. Na farko na nufin "duk abin da", na biyu "duk waɗanda". *Tout ce que tu dis est vrai*. *Tous ceux qui ont payé peuvent entrer*. Ga mata, *toutes celles qui*. A baki *ce* da *ceux* suna kusa da juna, shi ya sa ake yawan ganin *tout ceux*, wanda ba daidai ba ne. *Ceux* jam'i ne, dole *tous* ya riga shi, kuma a nan "tu" ake furtawa.

Mataki na 5: Idan sifa ce ke biye, gwada ma'anar ƙarfafawa

Wannan mataki ne ya fi kowanne ƙaya, don haka a bi shi a hankali.

Wani lokaci *tout* ba ya nufin "duka" ko kaɗan. Ƙarfafa sifa kawai yake yi, irin aikin da "fat", "fil", "wur" da "ƙirin" suke yi a Hausa. *Un boubou tout blanc*: riga fara fat. *Un vélo tout neuf*: keke sabo fil. *Il est tout seul*: shi kaɗai tilo. Gwajin shi ne ka cire *tout* ka sa *complètement* ko *très* a wurinsa. Idan jimlar ta tsaya daidai, to bayanau ne, wato kalmar da ke ƙara bayani a kan sifa ko aikatau.

Bayanau a Faransanci ba ya canza siffa, kuma a gaban sifar namiji haka abin yake, tilo ko jam'i: *il est tout petit*, *ils sont tout petits*. Lura cewa sifar ta ɗauki *s*, amma *tout* bai ɗauka ba. Haka yake a gaban wani bayanau: *tout doucement*, *tout près*, *tout droit*, da kuma *tout en marchant*, ko mace ce ke tafiyar ko taron jama'a.

Togiyar guda ce, kuma a gaban sifar mace take. Sai ka dubi harafin farko na sifar.

Idan baƙi ne, *tout* yana bin jinsi da adadi: *elle est toute petite*, *une chemise toute neuve*, *des chemises toutes neuves*.

Idan wasali ne, *tout* yana nan yadda yake: *elle est tout étonnée*, *la ville tout entière*, *elles sont tout étonnées*.

Dalilin wannan yana cikin furuci, kuma fahimtarsa ta fi haddarsa amfani. A gaban sifar mace, bakin mai harshen yana so a ji "tut". Idan sifar ta fara da wasali, *t* na ƙarshen *tout* yana haɗewa da wasalin ya fito da kansa, ba a buƙatar ƙarin harafi. Idan ta fara da baƙi, *t* ɗin zai mutu, sai an sa *e* kafin a ji shi. Wannan ma yana nuna maka haɗarin dikte: *tout étonnée* a kunne "tut" ne, hannu sai ya zarce ya rubuta *toute*. Ka tsayar da shi.

Saura harafin *h*, wanda iri biyu ne. Akwai wanda ake ɗauka tamkar babu shi, kalmar ta zama kamar ta fara da wasali: *elle est tout heureuse*, *tout habillée*. Akwai kuma wanda yake tare hanya kamar baƙi, ko da yake shi ma ba a furta shi: *elle est toute honteuse*, *toute hérissée*. Yadda za ka gane: nemo sunan da ya fito daga tushe ɗaya ka sa masa *le* ko *la*. Ana cewa *la honte*, ba a cewa *l'honte*, ashe *h* ɗin mai tare hanya ne, sai *toute*. Ana cewa *l'habit*, ashe wannan ba ya tare komai, sai *tout*. Manyan ƙamus ma suna sa wata 'yar alama, kamar tauraro, a gaban kalmomin da *h* ɗinsu ke tare hanya. Duba shafukan farko na naka ka ga alamar da ya zaɓa.

Gargaɗi: kafin ka yanke cewa bayanau ne, koma ka tabbata ba "dukkansu" ake nufi ba, domin harafi guda yana juya ma'ana. *Ils sont tout contents* na nufin suna cikin farin ciki matuƙa. *Ils sont tous contents*, da furucin "tus", na nufin dukkansu suna farin ciki, ba wanda aka bari. Ga mata a gaban wasali ma rubutu yana rarrabewa: *elles sont tout émues* daban, *elles sont toutes émues* daban. Amma a gaban baƙi hanyoyin biyu sun haɗe: *elles sont toutes contentes* yana iya ɗaukar kowace ma'ana. Idan kai ne mai rubutun kuma kana so a fahimce ka sarai, sake gina jimlar: *toutes sont contentes* ga ma'anar "dukkansu", *elles sont très contentes* ga ɗayar.

Mataki na 6: Tout autre da toute autre

Wannan ya cancanci a ware shi, domin masu shirya jarabawa suna son sa. Idan ma'anar "kowace irin wata" ce, ana bin jinsi: *toute autre réponse est fausse*, kowace amsa in ba wannan ba kuskure ce. Gwaji: za ka iya sa *n'importe quelle* a wurin. Idan kuwa ma'anar "daban ƙwarai" ce, bayanau ne a gaban wasali, ba ya canzawa: *c'est une tout autre affaire*, wannan wata magana ce daban. Galibi *une* da ke gabansa ita ce alamar da za ta farkar da kai.

Mataki na 7: Daskararrun maganganu, a haddace su kawai

Wasu maganganu sun daskare, bin ƙa'ida a kansu ɓata lokaci ne. Ware musu shafi guda a littafinka. Masu *tout*: *tout de suite* (yanzu-yanzu), *tout à l'heure* (ɗazu ko an jima), *tout à coup* (kwatsam), *tout à fait* (ƙwarai kuwa), *pas du tout* (ko kaɗan), *à tout prix* (ko ta halin ƙaƙa), *en tout cas* (ko ma dai yaya). Masu *toute*: *de toute façon*, *à toute vitesse*. Masu jam'i: *en toutes lettres*, wanda ake nufi a rubuta adadi da haruffa ba da lamba ba, kamar a takardar banki, da *toutes taxes comprises*, wanda ake taƙaitawa TTC a kan rasit. *Toute suite* da ake gani a saƙonni kuskure ne da kunne ya haifar, *tout de suite* ne, kalmomi uku.

Idan ka ga *le tout*, to suna ne mai nufin jimlar abu gaba ɗaya, kamar mai saye ya ce *je prends le tout*.

Mataki na 8: Mu yi aiki guda tare

Ga ɗan sakin layi da gurabe goma. Kwafe shi, ka rufe bayanin da ke ƙasa, ka gwada da kanka tukuna.

*C'est la fête. (1) ___ la famille est à Maradi. (2) ___ les enfants portent des habits (3) ___ neufs. La mère a (4) ___ préparé depuis l'aube. Hadiza, (5) ___ émue, salue ses tantes. Elles sont (6) ___ venues de Tessaoua. Sa petite sœur, (7) ___ honteuse, a renversé (8) ___ l'eau. Les voisins sont (9) ___ là, et (10) ___ le monde mange.*

Gurbi na 1, *la famille* ke biye, mace tilo, ko da yake iyali mutane ne da yawa: *toute*. Na 2, *les enfants*, ba a ce 'yan mata zalla ba ne, sai *tous*, a furta "tu".

Na 3 yana buƙatar natsuwa. Abin da ke biye sifa ce, *neufs*. Mu gwada: *des habits complètement neufs*, kaya sababbi fil. Ya zauna. Bayanau ne, sifar ta namiji ce, saboda haka *tout* ba tare da *s* ba, duk da cewa *habits* da *neufs* suna jam'i. Nan ne yawancin ɗalibai ke rubuta *tous*, domin ido ya ga *s* hagu da dama.

Na 4, ba suna, ba sifa, yana tsakanin *a* da *préparé*, ma'anarsa uwar ta shirya komai: *tout*. Kada kasancewar *la mère* mace ta ja ka zuwa *toute*, domin kalmar ba uwar take wakilta ba, abin da ta shirya take wakilta.

Na 5, sifar mace ce, ma'anar ƙarfafawa ce, harafin farko wasali: *tout émue*. Na 6, kibiya ta koma kan *tantes*. A gwada *complètement venues*, ba ya ba da ma'ana, ashe "dukkansu" ake nufi: *toutes*. Na 7, sifar mace mai *h*, mun tuna *la honte*, sai *toute honteuse*. Ka dubi na 5 da na 7 gefe da gefe: 'yan mata biyu, aiki ɗaya, rubutu daban, kuma harafin farko na sifa ne kaɗai ya raba su.

Na 8, *l'* ta ɓoye jinsi, *eau* mace ce: *toute l'eau*. Na 9, yana wakiltar *les voisins*: *tous*, a furta "tus". Na 10, *tout le monde*, da aikatau *mange* a tilo.

Idan kuskurenka ya taru a 1, 2 da 8, matsalarka jinsin sunaye ce, ba *tout* ba, sai ka riƙa haddace kowane sabon suna tare da *un* ko *une* ɗinsa. Idan a 4, 6 da 9 ne, koma mataki na huɗu ka yawaita zana kibiya. Idan kuwa a 3, 5 da 7 ne, ɗauki sifofi biyar da ka sani, irin su *petit*, *neuf*, *étonné*, *heureux* da *honteux*, ka rubuta kowacce sau huɗu, da *il est*, *elle est*, *ils sont* da *elles sont*, kana karantawa da ƙarfi kana duban inda *e* da *s* suka fito da inda suka ƙi fitowa.